Ciniki na tafiya, aljihu wayam: ƙanena ya ce kuɗin "suna cikin kaya"

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar takalman maza a Agege, ma'aikata tara, ƙanena ne ke kula da su saboda ni ina zama a shago. Da Babbar Sallah mun sayar da komai, sito ya zama wayam, muka fara sabon lale. A watan da ya wuce na kashe naira 5,355,000 a kan kayan aiki, kuɗin ma'aikata, haya da wuta, amma cinikin da ya shigo hannuna 3,600,000 ne kacal. Na tambaye shi ina sauran, sai ya ce wai suna cikin kaya. Raina bai kwanta ba, har na fara tunanin sallamarsa, ga shi kuwa uwa ɗaya uba ɗaya muke. Na haɗo da hoton shafin littafinsa. Asara nake yi, ko cutata ake yi?

Mai takalma, Agege

Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka sallami kowa tukuna. Na zauna da shafin da ka turo na bi shi layi-layi, kuma abin da na gani shi ne maganar ƙanenka tana iya zama gaskiya har zuwa naira ta ƙarshe. Sai dai shi bai iya nuna maka ba, kai ma ba ka san inda za ka duba ba. Lissafin da ka yi na cire abin da ya shigo daga abin da ya fita, kuɗin da ke aljihu yake aunawa, ba riba ba. A shago mai saye da sayarwa wani lokaci su biyun kan zo kusa da juna. A masana'anta kuwa sukan yi nisa ƙwarai, domin kuɗi kan tsaya a wurare uku kafin ya dawo hannun mai shi.

Wuri na farko shi ne sito, inda ɗanyen kaya yake: fatar da kuke sayowa yadi-yadi a Mushin, sol, gwangwanayen gam, zare, bokul, kwalaye. Duk abin da almakashi ko wuƙa ba ta taɓa ba, nan yake. Na biyu shi ne tsakar ɗakin aiki, inda kayan da ke kan aiki suke, wato abin da aka yanka ko aka ɗinka amma bai zama takalmin da mutum zai sa a ƙafa ba. Na uku shi ne kwalayen takalman da aka gama, suna jiran mai saye. Kowanne da yadda ake yi masa kuɗi, kuma sai an yi wa ukun kuɗi za a san ko an ci riba.

Bari mu bi takalmi ƙafa ɗaya, hagu da dama, kamar yadda littafin ya nuna. A teburin yanka yana cin fata ta naira 1,800, mai yanka ya karɓi 200. A wajen keke yana cin zare da bokul na 200, mai ɗinki ya karɓi 300. A mataki na ƙarshe yana cin sol da gam da kwali na 1,000, masu manna sol da gogewa su karɓi 500. Kayan aiki ke nan 3,000, ladan hannu 1,000.

Akwai kashi na uku da masu ƙananan masana'antu suka fi mantawa da shi, saboda ba a ganin sa a jikin takalmi: hayar ɗakin aiki, kuɗin wuta, man janareta, gyaran keke, da albashin shi ƙanen naka. A watan nan sun tashi 485,000. Dole a raba wa takalman wannan kuɗi, domin ba don su ba da ba a kama ɗakin ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ladan hannu. Jimillar abin da aka biya ma'aikata 970,000 ne, kuɗin haya da wuta kuwa rabin haka ne daidai. Saboda haka duk inda aka biya ma'aikaci naira ɗaya, sai a ɗora kwabo 50 a kai. Takalmin da aka gama ya ci ladan hannu na 1,000, rabonsa 500 ke nan. Ya tsaya maka a kan 4,500.

Yanzu ga abin da ya faru a watan. An yanka ƙafa 1,200. A cikinsu 800 ne suka kai ƙarshe, ka sayar da 600, saura 200 a kwali. Ragowar 400 suna tsakar ɗaki: 300 an ɗinke su suna jiran sol, 100 kuma yankawa kawai aka yi aka ɗaure su a buhu.

Waɗannan 400 su ne inda idonka ya kasa gani, don haka zan daɗe a kansu. Idan ka shiga ɗakin aikin, abin da za ka tarar shi ne buhunan shinkafa cike da saman takalma a jingine da bango, wasu an ɗaure su goma-goma da tsumma, wani yaro ma yana zaune a kan ɗaya yana cin abinci. Ba su yi kama da dukiya ba. Amma kowace ƙafa da aka ɗinka ta riga ta cinye kayan aiki na 2,000, ladan hannu na 500, da rabon haya da wuta na 250. Wato 2,750. A ninka sau 300, ya ba da 825,000. Wadda aka yanka kawai ta ci fata ta 1,800, ladan yanka 200, rabon haya 100, wato 2,100. Sau 100, ya zama 210,000. Buhunan nan da ke jikin bango naira 1,035,000 ne.

Kayan da ke kan aiki sun fi sauran biyun haɗari. Fatar da ba a yanka ba, idan ka matsu za ka iya mayar wa mai shagon da ka saya a wurinsa, ko ka sayar wa wani mai takalma da ɗan ragi. Takalmin da aka gama, ko a bakin masallacin Juma'a ka baza shi zai tafi. Amma saman takalmi da ba shi da sol kamar talge ne: ya wuce gari, bai kai tuwo ba, babu mai saye. Ka biya kuɗinsa lakadan, kuma ba zai mayar maka da ko kwabo ba sai ka ƙara kashe wani kuɗin a kansa.

Kwalaye 200 da aka gama, lissafinsu bai da wuya: 4,500 sau 200, naira 900,000. Ka lura ban ce 6,000 ba, duk da a kan haka kake sayarwa. Mutane da yawa sukan yi wa kayan sito kuɗi da farashin kasuwa, su ga jarinsu ya kumbura, su ɗauki ribar da ba ta zo ba su kashe. Ribar 1,500 da ke kan kowace ƙafa ba taka ba ce sai ranar da mai saye ya ɗauka.

Saura sito. Ka sayo kayan aiki na 3,900,000. Abin da ya kamata a ce an ɗiba shi ne fatar ƙafa 1,200, wato 2,160,000, da zare da bokul na ƙafa 1,100, wato 220,000, da sol da gam da kwali na ƙafa 800, wato 800,000. Jimilla 3,180,000. Ke nan ya kamata a tarar da ɗanyen kaya na 720,000 a sito.

Haɗa ukun: 720,000 a sito, 1,035,000 a tsakar ɗaki, 900,000 a kwali. Sun tashi 2,655,000. Cire wannan daga duk abin da ka kashe, zai rage 2,700,000, kuma wannan shi ne ainihin kuɗin da takalma 600 da ka sayar suka ci. Gwada ta wata hanyar ka gani: 600 sau 4,500, amsar ɗaya ce. Ka sayar da su 3,600,000. A kan takarda dai, riba ka ci ta 900,000, kafin a cire hayar shagonka, kuɗin kai kaya kasuwa da abin da kake ɗauka na cefane. Giɓin 1,755,000 da ya hana ka barci, da ita kanta ribar, duka suna kwance a cikin kaya.

Na ce a kan takarda, domin littafi abin da aka rubuta masa yake faɗa. Ban wanke ƙanenka ba tukuna, na dai nuna maka abin da ya kamata ka tarar idan gaskiya ya faɗa. Abin da zai raba gardama shi ne ƙidaya, kuma ga yadda za ka yi ta ba tare da ka ɓata zumunci ba.

Zaɓi ranar da ba a aiki, Lahadi ta fi, tunda kasuwannin Legas ma yawanci a rufe suke. Kada komai ya shiga ko ya fita ranar. Ka zo da mutum na uku wanda ba ma'aikacin wurin ba, shi ya riƙe biro, kai da ƙanenka ku ƙirga. Ka gaya masa tun farko cewa daga yanzu kowane ƙarshen wata za a riƙa yin haka, domin kuwa za a riƙa yi ɗin. Fara da ƙafafu, ba da kuɗi ba. An biya mai yanka ladan ƙafa 1,200, to ina suke? Dole 100 da 300 da 200 da 600 su fito. A zazzage buhunan a ƙasa, a haɗa hagu da dama, a ware su lamba-lamba. Wari ɗaya da ya rasa ɗan'uwansa ba ƙafa ba ne, a ajiye shi gefe. Idan ƙafafun sun cika ko sun gaza da biyar ko goma, wannan lalacewar aiki ce ta yau da kullum. Idan sun gaza da 80 ko 100, abu biyu ne: ko an biya ladan aikin da ba a yi ba, ko takalma sun fita ta bayan gida. Ƙidayar ƙafafu tana da wuyar yi wa dabara, shi ya sa na sa ta gaba.

Sito ya fi wuya, kuma a nan ne ake yawan zaluntar mai kula. A ce kun auna fata, kun ƙirga sol, kun ɗaga gwangwanayen gam, kuka tarar da kaya na 360,000 maimakon 720,000. Zuciya za ta ce an kama ɓarawo. Dakata. Farashin 1,800 da ke littafin an gina shi ne a kan cewa yadi ɗaya na 12,600 yana ba da ƙafa 7. Idan mai yankanka ƙafa 6 yake fitarwa a yadi, fatar kowace ƙafa ta koma 2,100. Bambancin 300 sau 1,200 shi ne 360,000 cif. Rabin sitonka zai iya salwanta a ƙarƙashin teburin yanka, a matsayin ƙyalle-ƙyallen da ake sharewa kowace yamma, ba tare da kowa ya ɗauki komai ba. Mai yankan da ake biya da yawan ƙafa sauri yake yi, ba ya tsayawa juya ma'auni ya cusa shi a kowane lungu na fata, tunda ba shi ya saya ba. Manyan lambobi ma sun fi cin fata, watan da aka yi 44 da 45 da yawa ba zai ba da abin da watan 40 da 41 ya bayar ba.

Gane wannan ba ya buƙatar malamin lissafi. Ka ɗauko yadi biyar, ka zauna a kan benci, a yanka a gabanka, ka ƙirga abin da ya fito. Sannan ka leƙa buhun shara na ranakun da ba ka nan. Idan guntayen da ke ciki sun kai tafin hannu faɗi, ka ga inda fatarka take tafiya. Gam kuma yana da tasa hanyar ɓacewa: gwangwanin da aka bari a buɗe a zafin Legas yakan yi kauri ya ragu, saboda ruwan da ke cikinsa tashi yake yi. Sol da bokul ne ba su da uzuri. Ba sa bushewa, ba sa raguwa wajen yanka. Idan an sayo sol ƙafa 1,000, an manna 800, to 200 su fito, ko a nuna maka waɗanda suka lalace. Idan giɓin a nan yake, ka sami abin da za ka tambayi ƙanenka a kai, da hujja a hannu. Kafin nan, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Ko ƙidayar ta fito daidai, kada ka ɗauka duk 2,655,000 ɗin za su dawo. Ƙa'idar da masu lissafin kuɗi ke bi a kan kayan sito, wadda suke kira IAS 2, cewa ta yi a rubuta kaya a kan abin da suka ci ko abin da za a iya samu idan an sayar, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ƙa'ida ce mai hankali ko ga wanda babu mai binciken littafinsa. Buɗe kwalaye 200 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Legas gari ne mai laima, kuma kwalin da aka jera a ƙasan siminti ko jikin bango da damina yakan jiƙe daga ƙasa, takalmin ciki ya yi fumfuna, bokul ya yi tsatsa. Duba kuma lambobin. Abin da ke saura bayan 'yan sari sun zaɓa yawanci shi ne wanda ba a so, ƙanana sosai ko manya sosai, ko launin da bai karɓu ba. A ce ƙafa 60 cikinsu ba za su wuce 3,500 ba, kuma kai su kasuwa zai ci 200 kowace. Darajarsu 3,300 ce, ba 4,500 ba. Asarar 1,200 sau 60, wato 72,000, a watan nan za ka cire ta daga riba, ba sai ranar da ka yi gwanjonsu ba. Haka za ka yi wa buhunan tsakar ɗaki: saman takalmin da ya kwana biyu a danne har ya lanƙwashe, ko samfurin da yayinsa ya wuce, ba ya nan a kan 2,750.

Abu ɗaya kuma da ke rikita mutane: takalman da ka ba wani ɗan kasuwa a Idumota ko Oshodi a kan in ya sayar ya kawo kuɗi, in bai sayar ba ya dawo da kaya, har yanzu naka ne. A cikin kayan da aka gama za ka ƙirga su, a kan 4,500, ko da ba sa ɗakinka. Wanda kuwa ya saya bashi aka yi ciniki aka gama, wannan ya fita daga kaya ya koma littafin bashi.

To, a ce ƙanenka ya fita da gaskiyarsa. Matsalar ba ta ƙare ba, domin abin da shafin nan ya nuna ya fi ƙaramar sata tsada. Kuna yanka 1,200, kuna gama 800, kuna sayar da 600. Idan aka sake irin wannan watan, wasu 400 za su ƙaru a jikin bango, wasu 200 a kwali, kusan naira miliyan biyu ke nan za su sake nutsewa. Wata uku a haka, mutum yana cin riba a littafi zai rasa kuɗin biyan ma'aikata ranar Asabar. Kuma a nan, Alhaji, da hannunka a ciki. Kai ne mai zuwa Mushin. Na san dalilin: tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan da ake shigowa da su suke tashi, kowa yana so ya saya da yawa kafin a ƙara kuɗi. Sayen ba laifi ba ne idan da hali. Laifin shi ne a bar duk fatar da ta shigo ta wuce teburin yanka kai tsaye. Mai yanka ya ga fata, ana biyansa da ƙafa, me zai hana shi? Shi ya cika aljihunsa, masu manna sol kuwa ƙarfinsu bai wuce ƙafa 200 a mako ba, tunda sai an shafa gam an jira ya sha iska, an manna, an danne, an goge. Saurin masana'antarka shi ne saurin wannan teburin na ƙarshe, duk abin da aka yanka fiye da haka jibgewa zai yi.

Ka tambayi ƙanenka dalilin da ya sa 300 ɗin suke jira. Idan hannu ne ya yi kaɗan, magani ɗaya ne. Idan kuwa sol ɗin lambarsu ne babu, alhali sito cike yake da sol na wasu lambobi, wannan kuskuren saye ne, kuma yana nufin wani ɓangare na 720,000 ɗin ma ba zai motsa da wuri ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. A dakatar da yanka na mako biyu, a mayar da mai yanka da yaransa su taimaka wajen shafa gam da gogewa don kada su zauna babu abin sawa a baki. Ƙarasa ƙafa 300 ɗin zai ci 1,500 kowace, wato 450,000. Ƙarasa 100 ɗin zai ci 2,000 kowace, wato 200,000. Jimilla 650,000, kuma abin da zai fita daga aljihunka bai kai haka ba idan sol da gam ɗin suna sito. Waɗannan 400 da 200 na kwali sun zama 600, daidai abin da kasuwarka ta ɗauka a watan jiya. Wato cinikin wata guda cur yana kwance a ɗakin, an riga an biya yawancin kuɗinsa. Ko ka haɗa da haya da wuta, abin da za ka kashe bai wuce 1,135,000 ba, a kan cinikin da zai iya kusantar na watan jiya. Nan ne kuɗin da kake nema za su fito. A mako na uku sai a koma yanka, domin watan gaba da shi ma yana buƙatar kaya.

Idan an koma, a koma da ƙa'ida. A riƙa yanka ƙafa 50 a tashi ɗaya, a zuba su a kwando ɗaya, a ɗaura masa kati mai ɗauke da kwanan wata, samfuri, lambobi da yawan yadin da aka ɗiba. Mai yanka ya sa hannu ya miƙa, mai ɗinki ya ƙirga kafin ya karɓa, haka har zuwa kwali. Kwando huɗu kacal za ka saya. Idan babu kwandon da ya dawo fanko, babu sabon yanka. Da wannan kaɗai kayan da ke kan aiki ba za su wuce ƙafa 200 ba, aikin mako guda, kuma duk inda ƙafa ta ɓace katin zai nuna tsakanin hannun wa da wa. Ladan ma'aikata ma a kan katin za a biya, ba a kan abin da mutum ya faɗa da baki ba. Makullin sito kuma kada ya zauna a hannun mai rubuta littafi. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare shi, don gobe kada wani ya yi masa irin zaton da ka yi.

A watan da aka rage aiki, kada ka kwashe duk kuɗin haya da wuta ka ɗora wa 'yan takalman da aka yi, har ƙafa ɗaya ta zama kamar ta ci 5,000 ko fiye. Ka bar rabon a kan 500 ɗinsa na watan da aiki ke tafiya yadda ya saba, abin da ya rage ka rubuta shi a matsayin kashe-kashen watan. In ba haka ba kayan kwali za su yi kumburin ƙarya. Haka nan kuɗin motar da ta ɗauko fata daga Mushin yana shiga kuɗin fata, amma na motar da ta kai takalma kasuwa ba ya shiga kuɗin takalmi, na sayarwa ne.

Za ka kuma ci karo da kaya iri ɗaya masu farashi biyu, misali tsohon sol na 700 da sabo na 900 a sito guda. Ka ɗauka wanda ya fara shigowa shi ya fara fita, saboda haka abin da ya rage a ƙarshen wata a yi masa kuɗi da farashin sayen baya-bayan nan. Ko ka haɗa su ka fitar da matsakaici. Duk wadda ka zaɓa ka tsaya a kanta kowane wata, kada ka riƙa sauyawa don lissafi ya yi kyau. Wajen yanke farashin sayarwa kuwa, da farashin yau za ka yi aiki, tunda da shi za ka sake sayowa.

Wannan watan ya zo maka da sauƙi saboda kun fara da sito wayam. Daga yanzu ba haka ba ne. Abin da kuka ƙirga ranar Lahadin nan shi ne abin da sabon wata ya buɗe da shi: a rubuta shi a saman sabon shafi gida uku, sito, tsakar ɗaki, kwali. A ƙarshen wata ka ɗauki wannan jimilla, ka ƙara duk abin da aka kashe a ɗakin aiki cikin watan, ban da ragowar kuɗin haya da wuta da ka ware a matsayin kashe-kashen watan, ka cire abin da sabuwar ƙidaya ta bayar. Abin da ya rage shi ne kuɗin takalman da aka sayar, shi za ka gwada da ciniki. Ka bar ƙanenka ya yi lissafin da hannunsa a karon farko kana zaune, kai kuma ka sake yi ta hanyar ninka yawan ƙafafun da aka sayar da 4,500. Idan amsoshin biyu sun yi nisa da juna da fiye da abin da guntayen fata da gam za su iya ci, ka turo mini shafin tare da katunan kwandunan watan.